Takardar injiniya da maganar "laka"

Alhaji Mai Tireda: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Mun tara kuɗi don ajujuwa uku na Islamiyyar unguwarmu a nan Garwa, sai ga injiniya da takarda wai a bar bulon siminti a yi da laka, za a rage sefa 900,000. Mun ce masa ba mu da kuɗi ne? Kuma me ya sa aka miƙa wa sakatare takardar, ni ma'aji sai a bakin masallaci na ji?

Malam Sakatare: Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, ba laka aka rubuta ba. Bulon jar ƙasa ne da ake gauraya da siminti, a matse a inji.

Alhaji Mai Tireda: Ƙasa ta ji ruwa me ta zama, Malam?

Hajiya Babba: Laka ce, ko me za ku kira ta. A ambaliyar 2012, da Binuwai ya cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, ɗakunan ƙanwata biyu suka zube a dare guda. Na bulo ɗaya da ke gidan yana nan har yau. Ban yarda jikokina su zauna a ciki ba.

Ɗan Marwa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma tubalin hannu ne ya zube. Wannan fa ya fi bulon siminti ta ko'ina. A watan Afrilu, zafin rana ya haura digiri 40, ka shiga ɗakin ƙasa ka ji sanyi.

Injiniyan Aiki: Ni na rubuta takardar, bari na faɗi abin da ke ciki da bakina. Yaya na Marwa, ban ce ya fi ta ko'ina ba. Kaurin bangon santimita 14 ne. Zai jinkirta zafi kaɗan, amma yawancin zafin aji daga kwano yake saukowa, maganinsa silin da tagogi masu kallon juna.

Alhaji, ga lissafin. Bangon ajujuwan uku ya kai murabba'in mita 300. Da bulon siminti mai kaurin santimita 15 muna buƙatar 3,750, in an buga 32 a buhun siminti, buhu 117 ke nan. Na ƙasa ƙanana ne, za mu buƙaci wajen 9,600, da siminti kashi 8 cikin ɗari, buhu guda ya ba da kusan 90, wato buhu 107. Kun ga a bulon kansa buhu goma kacal aka rage, kuma haka na rubuta. Ribar tana wajen shafe: bulon da aka matse da kyau fuskarsa sumul take, ba sai an yi filasta ciki da waje ba. Nan ne buhu sittin da 'yan kai suke fita, da yashinsu, da kuɗin masu shafe, da fenti. Duka na samu 1,400,000. Daga ciki na cire 500,000 na hayar inji, gwajin ƙasa, koya wa maginanmu jeri, da ƙarin katako da kwano don bakin rufi ya fito santimita 80. Ginshiƙai da rodi da tushe ban taɓa su ba.

Haɗarin ma na rubuta shi. Ruwa ne abokin gabarsa, musamman wanda ke kwanciya a gindin bango. Shi ya sa sahun farko ba ya taɓa ƙasa, sai an ɗaga tushen dutse da siminti santimita 40. Hajiya, in ruwa ya haura wannan ya kwana biyu a tsaye, bulon siminti ya fi shi jurewa. Ba zan ɓoye miki ba. Filin makarantar kan tudu yake, shi ya sa na kawo shawarar. Da a bakin kogi ne ba zan rubuta ba.

Alhaji Mai Tireda: To kun ji, da bakinsa ya ce ruwa na cin sa. Laka.

Malam Sakatare: Alhaji, laka ita ce ake kwaɓawa da ruwa da ciyawa. Wannan ɗan danshi kawai ake ba ta.

Kawu Magini: Ku bar faɗa kan suna, ku tambayi ƙasar ina za a ɗebo. Shekaru ina gini. Na ga an buga irin wannan da baƙar ƙasar karal, wadda ake dasa masakuwa, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina. Kafin a kai rufi bulon ya daddare. Jar ƙasa mai yashi da tsakuwa ake so. Zuba ta a kwalba da ruwa, girgiza, ka ajiye: yashi ya kwanta ƙasa, yumɓu ya hau sama, ka ga yawan kowanne da idonka. Sannan bayan an buga, a lulluɓe da leda ana yayyafi mako biyu, kar a ɗora a bango sai ya cika kwana 28. Iskar hunturu ta busar da shi da wuri, simintin bai kama ba, ka murza da yatsa ya zube. Wa zai tsaya kan yaran nan kullum?

Kuma ɗana injiniya, ka manta da abu guda. Aji ne fa. Benci na gogar bango, yara na ƙwaƙular kusurwa da ƙusa. Dole a shafe ciki daga ƙasa zuwa ƙirji.

Injiniyan Aiki: Kawu, wannan gaskiya ne, takardar ta ambaci gogewa amma ban sa mata kuɗi ba. In aka shafe har mita 1.20 a ciki, ribar za ta sauka, zan sake lissafi. Ƙasar kuma sai mun kai ɗakin gwaji, kwalba ba ta isa a sa hannu a kanta ba.

Ɗan Marwa: Matsalar 'yan Garwa ke nan, masana'antar siminti ta garin Figil na kusa da ku, kuna ganin duk abin da ba toka-toka ba talauci ne. Gwamnati ma ta kafa hukumar MIPROMALO don bunƙasa kayan gini na cikin gida.

Hajiya Babba: Kar ka zagi garinmu, yaro. Kai ka sa sisi a ginin?

Wani Ɗan Unguwa: A faɗi gaskiya mana. Ɗan wan Alhaji ne ke buga bulon siminti a bayan tasha.

Alhaji Mai Tireda: Allah ya isa tsakanina da kai. Ni da na ba da buhu hamsin kyauta? To injin matsewar na wa ne, a faɗa mana shi ma.

Malam Sakatare: Na wata ƙungiyar matasa ce, Alhaji, ba ni da ko dala a ciki.

Hajiya Babba: Amma surukinka na cikinsu.

Kawu Magini: Ni dai a buga ashirin na gwaji, bayan kwana 28 a jiƙa biyar a randa kwana ɗaya cur, kowa ya zo ya taɓa.

Malam Sakatare: Jama'a, bari na taƙaita. An fahimci cewa ba laka ba ce, injiniya ya amsa duk tambayoyi, masana sun goyi baya, kuma za a rage 900,000 da za ta isa sayen bencuna. Sauran 'yan ƙorafi ne da za a warware ranar Juma'a bayan la'asar.

Kawu Magini: Malam, ban goyi baya ba tukuna, gwaji na nema. Kuma shi kansa ya ce kuɗin zai sauka.

Alhaji Mai Tireda: Har yanzu ba wanda ya gaya mini dalilin da ya sa aka tsallake ma'aji. Juma'a zan zo da littafin kuɗi.