Kalmar «kyakkyawa» ba ta zana komai

Abin da aka fi nanatawa a tattaunawarmu kan rubuta umarni ga manhajar ƙirƙirar hoto shi ne matsalar kalmomi irin su «kyakkyawa» ko «mai ban sha'awa». Wani ya bayyana dalilin: manhajar ta koyi aikinta ne daga ɗimbin hotuna masu bayani a haɗe, kuma an liƙa wa fure da fuska da faɗuwar rana duk wannan kalma ɗaya. To, wanne za ta ɗauka? Sai ta ba ka abin da kowa ya saba gani.

Wata ta kawo gwajinta. Ta rubuta «ɗaki mai kyau», ta samu farar kujera, babbar taga, tukunyar shuka a lungu. Ta maimaita sau huɗu, kusan duk kamarsu ɗaya, kuma wannan kamannin shi ne alamar cewa umarnin bai ce komai ba. Da ta koma «teburin katako mai tsagewa, fitila a kunne, buɗaɗɗen littafi, hasken yamma ta labule», sai ɗakin ya fito da fuskarsa.

Ni dai gwajin da ya fi burge ni shi ne: kyamara za ta iya ɗaukar wannan kalma? Tana ɗaukar tsatsa, ba ta ɗaukar «kyau».

An kuma ja kunne: in sunayen abubuwa suka yi yawa a cikin umarnin, manhajar kan zubar da wasu, ko ta ɗora launin wani a kan wani.