Lissafin lotsawar bim da hanyar filin momen ya ƙi fita daidai

Salamu alaikum. Kwana biyu ke nan ina fama da wannan lissafi, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Bim ne mai tsawon mita 6, zaune a kan madogara biyu, A da B, kuma EI bai canza ba. Nauyi P na 30 kN yana kan C, mita 2 daga A. Madogara A ta ɗauki 20 kN, B ta ɗauki 10, momen mafi girma 40 kN·m, don haka filin alwatikar M/EI ya zama 120/EI.

Na ja layin tanjan a A. Cibiyar alwatikar tana mita 8/3 daga A, sai na yi 120 × 8/3 = 320/EI, na raba da 6, karkatar A ta fito 53.33/EI. Amma Pab(L+b)/6LEI ya ba ni 66.67/EI. Abin da ya ɗaure mini kai, 53.33 ɗin nan ita ce karkatar B.

Lotsawar ƙarƙashin nauyin ma haka. Filin M/EI daga A zuwa C 40/EI ne, cibiyarsa tana mita 4/3 daga A, sai na cire 40 × 4/3 daga 53.33 × 2, na sami 53.33/EI, alhali Pa²b²/3LEI ya ba da 106.67/EI.

Da na mayar da nauyin tsakiya, na ja tanjan a tsakiyar bim, na auna daga A, 135/EI ya fito, daidai da PL³/48EI.

Don Allah, a ƙa'ida ta biyu ta hanyar filin momen, daga ina ake auna nisan cibiyar: daga inda aka ja tanjan, ko daga inda ake neman tazarar bim da tanjan ɗin?