Me za mu kira "taimin" na barkwanci?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Na haɗa bidiyo na daƙiƙa 10. Alhaji ya hakimce a bayan mota cikin babbar riga yana cewa direba su tafi, sai kyamara ta ja baya a ga motar ba taya, kan duwatsu take a garejin makanikai. Wanda na nuna wa ya ce taimin ɗina ya ɓaci. Mi ake ce ma wannan abu da Hausa?

Wata daga Rafindadi: Ai lokacin sakawa ne. Ka bari sai bayan isha'i, an fi kallo.

Mai tace bidiyo: A'a Hajiya, lokacin da ke cikin wasan yake nufi. Ni saiti nake cewa.

Tsohon ɗan wasan daɓe, Daura: Saiti na makanikai ne, ɗana, an ɗaure an gama. Mu gaɓa muke cewa. Dubi mahauci: in wuƙa ta sauka kan gaɓa sara ɗaya ya isa, in ta kauce sai dakan ƙashi. Malam mai tambaya, a daƙiƙa ta nawa aka ga duwatsun?

Mai tambaya: Ta 6, Baba. Sauran huɗun Alhaji na faɗa da makanike.

Tsohon ɗan wasa: To nan ka kashe ta. Daƙiƙa ukun farko shimfiɗa ce, fuskar Alhaji kawai da kujerar mota. Daga ta 4 zuwa ta 7 ka ɓad da sawu: ya duba agogo, ya ce "taka ta, za mu makara ɗaurin aure", har mai kallo ya sakankance direba za a yi wa dariya. Sai kowa ya yi shiru kaɗan, a ta 8 ka fasa ƙwai. A ga duwatsun, a ga makanike na shan shayi, ka yanke. Faɗan nan bayani ne, kuma mutum in ya fara dariya ya ji ana magana, haɗiye ta yake don ya saurara.

Mai tace bidiyo: Shirun nan rabin daƙiƙa ya isa, hoto 15 ke nan in wayarka na ɗaukar 30 a daƙiƙa. Ka kuma sa ƙarar inji tun farko, ta ɗauke daidai lokacin ja baya. Amma Baba, gaɓa wuri ne guda, taimin kuwa har da tsawon shirun.

Tsohon ɗan wasa: Sai a ce sanin gaɓa. Gwajinsa ba wuya: miƙa wa wanda bai taɓa gani ba, ka kalli fuskarsa, bar wayar. In ya murmusa tun a ta 5, asiri ya tonu da wuri. In an gama ya ce "sai kuma me?", ƙwan bai fashe ba.

Mai tambaya: Na koma na duba, ashe ana hango bangon garejin ta gilashi tun a daƙiƙa ta 2.

Mai tace bidiyo: Matso da kyamara kusa da fuskarsa. Shimfiɗa da fasa ƙwai na karɓa, amma wajen tacewa ni dai saiti zan ci gaba da cewa.