Gishirin CuSO4 daga CuO: in ƙafar da ruwan duka a wuta ko in bari ya kwana?

Malamar SS2: Salamu alaikum malamai. Jibi ɗalibaina za su haɗa CuSO4 daga CuO da H2SO4 mai ƙarfin 1 mol/dm3. Darasin minti 80 ne, takardar tacewa kuma ta yi mana ƙaranci. In tsiyaye ruwan kawai, in ƙafar da shi duka a wuta mu gama a ranar?

Mai kula da ɗakin gwaji: Malama, kada ki ƙafar da shi duka. Ki ɗumama asid 50 cm3, ba tafasawa ba, ki riƙa zuba baƙin garin CuO kaɗan-kaɗan kina juyawa. Wajen giram 4 zai cinye. Ki ci gaba har sai baƙin ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa, wato asid ɗin ya ƙare. Sai ki tace, ki ɗora shuɗin ruwan a kan tururin ruwan zafi har ya ragu zuwa rabi. Tsoma sandar gilashi ki fitar: in ƙananan ƙwayoyi sun fito a jikinta da ta huce, sauke. In kika bari ya ƙafe ƙaf, zai yi ta fallatsi, kuma ruwan da ke cikin CuSO4·5H2O zai tafi, ki tashi da gari fari-fari.

Ɗan Zariya: Ai guntun wayar tagulla ma ta isa, ta fi araha.

Mai kula da ɗakin gwaji: Malam, tagulla ba ta narkewa a tsarmammen H2SO4. Wayarka za ta kwana a ciki yadda ka sa ta.

Tsohon malami: Tsiyayewa ta yashi ce, mai nauyi da ke kwantawa nan take. Garin CuO laushi gare shi, yana bin ruwa, sai ki ga baƙaƙen ɗigo a jikin gishirin. Takarda ɗaya ta ishi rukuni guda. Amma ni ban ga amfanin wuta ta biyun ba, a ajiye a taga kawai.

Mai kula da ɗakin gwaji: Baba, da hunturu kam zai yi, har ƙwayoyin su fi girma. Amma duka abin da ke cikin ruwan bai wuce giram 12.5 ba, ruwan bai ƙoshi da gishirin ba, da damina sai a yi kwanaki ana leƙe.

Ɗan Zariya: A taga? Yara su zata alewa ce.

Tsohon malami: Ba abin wasa ba ne, guba ne. A rubuta a jiki, a kulle.

Malam daga ƙauye: Ku da kuke da takardar ma! Wata makaranta kwali ɗaya ake rabawa zango uku, an ce tsada. Da ƙyalle ake tacewa, baƙin ya wuce abinsa.

Ɗan Zariya: Wace tsada? Ba a dai sa ta a kasafi ne. A tambayi inda kuɗin gwaji ke shiga.

Malamar SS2: To ƙwayoyin fa, in sun fito da me zan busar da su, tunda nan ma takardar ake sa wa?