Yanke fuska daga hoton taro don fasfo: me ya sa yake fitowa dishi-dishi?

Maman Khalil, Gusau: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana neman hoton fasfo na ƙanena, shi kuma yana can ƙauye wajen Maru. Hoton da ke hannuna na taron suna ne, su tara a tsaye, an turo min ta WhatsApp. Na yanke kansa, ya fito kamar an shafa mashi toka. Mi za ni yi?

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki buɗe hoton, ki ja shi da yatsu biyu har fuskar ta cika waya, sai ki yi sikirinshot. Shi ke nan.

Mai Studiyo, Ƙaura Namoda: A'a ɗan'uwa, wannan shi ke ƙara ɓata shi. Jan hoto da yatsu ba ya ƙara komai, ɗigon da ke nan ne yake kumbura. Sikirinshot kuma hoton gilashin wayarka ne, wayoyi da yawa faɗin gilashinsu fiksel 720 ne kacal, wato ɗigon hoto 720.

Hajiya, kafin komai ki auna kan yaron. Ki shiga wurin yanke hoto a wayarki, ki yanke daga ƙasan haɓa zuwa tsakar kai, ki ajiye shi a matsayin kwafi, kada ki danne na asali. Sai ki buɗe Details na wannan ɗan guntun, za ki ga lambobi biyu, faɗi da tsayi. Tsayin nake so ki faɗa min, da girman babban hoton gaba ɗaya.

Maman Khalil, Gusau: Babban 1600 x 1200 ne. Guntun kuma tsayinsa 120.

Mai Studiyo, Ƙaura Namoda: To ga matsalar nan a fili. Fasfon da aka fi nema faɗinsa milimita 35, tsayinsa 45, kuma kai shi kaɗai yana cin wajen milimita 34 daga cikin tsayin. Idan ana son ya fito garau a takarda, ana wanke shi da ɗigo 300 a kowane inci. Hoton gaba ɗaya zai zama fiksel 413 a faɗi, 531 a tsayi, kai kuma kusan 400. Naki 120 ne. Wato kowane ɗigo ɗaya za a shimfiɗa shi ya rufe wurin uku da 'yan kai a tsaye, haka ma a kwance. Idan aka wanke shi haka, ɗigo 90 ne zai faɗa a inci. Shi ya sa gira ke haɗewa da ido, gefen kunne ya zama kamar matakala.

Amma akwai sauran dama. 1600 ɗin nan aikin WhatsApp ne, shi ke matse hoto idan an turo shi ta hanyar da aka saba. Wayar da ta ɗauka, idan mai megafiksel 12 ce, hotonta 4000 x 3000 ne, ninki biyu da rabi ke nan. A can kan ƙanenki zai kai fiksel 300, ya ba da ɗigo kusan 224 a inci. Ki nemi wanda ya ɗauka da hannunsa, ki ce ya danna alamar maƙala fayil, ya zaɓi Document, ya turo daga nan. Wanda aka tura wa ya sake turowa ba zai yi amfani ba, nasa ma matsattse ne.

Abban Hafsat, Jega: Ni a wurina ba sai an yi wannan wahala ba. A kwamfuta akwai wurin da ake rubuta lambar, ka goge 72 ka sa 300, ka ga ya zama mai inganci. Haka muke yi a shago.

Mai Studiyo, Ƙaura Namoda: Malam Abba, rabin maganarka gaskiya ce, 300 ake so. Sai dai lambar nan umarni ce kawai ga injin wanki, tana gaya mashi ɗigo nawa zai zuba a inci. Idan ka sa 300 ba tare da Resample ba, wato zaɓin da ke sauya yawan ɗigon hoto, kan nan mai fiksel 120 zai fito milimita 10, bai kai farcen babban yatsa ba. Idan kuma ka bar Resample a kunne, kwamfuta za ta ƙirƙiro ɗigo ta cusa tsakanin na gaske, matakalar ta ɓace, hoton ya yi laushi kamar an kalle shi ta gilashi mai ƙura. Ruwa ne aka ƙara wa kunu, kwano ya cika amma gero bai ƙaru ba.

Anti Rabi, Birnin Kebbi: Tunda ana maganar, ni nawa fom ne a intanet, ya ce kada hoto ya wuce 50KB, nawa kuma ya fi 2MB. Shi ma yankewa zan yi ta yi har ya ragu?

Malama Zainab, Zuru: Anti, naki daban ne, ke yawa ne ya dame ki. Ki yanke sau ɗaya daidai tsarin fasfo, sannan ki rage girman zuwa 413 x 531, ki ajiye shi a JPG da inganci wajen 80. Yawanci zai faɗo kusa da abin da suke so, in bai kai ba ki sauke ingancin kaɗan. Abin kiyayewa, kowane gwaji ki fara daga hoton asali. JPG duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa sai ya zubar da wani abu, bayan sau huɗu ko biyar za ki ga ƙananan murabba'ai a kumatu da wani hazo a gefen ɗankwali.

Maman Khalil, idan na asalin ya zo, ki kulle ma'aunin yankewa a 7:9, shi ne 35 da 45. In wayarki ba ta da shi, 3:4 ya yi kusa, mai wanki zai datse ragowar. Da kai mai fiksel 300, abin da za ki yanke zai kai wajen 309 x 397. Ki bar ɗan fili saman kai, kafaɗu su ɗan shigo. Kada ki yanke murabba'i sannan a ja shi ya cika tsayi, fuska za ta yi tsawo kamar ta wani.

Ɗan Argungu: To na hoton fuskar WhatsApp fa? Ni nawa sikirinshot ne kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Malama Zainab, Zuru: Don a ɗan da'ira ake ganinsa, ƙarami. A danna shi ya buɗe ka gani. A nan murabba'i ake yankewa, fiksel 640 kowane gefe ya wadatar, kuma da'irar tana cinye kusurwoyi huɗu, don haka ka sa fuska a tsakiya ka bar wa hula wuri.

Mai Studiyo, Ƙaura Namoda: Saura abu ɗaya da lissafi ba ya nunawa. A hoton mutum tara, kamara kan mutum ɗaya ko biyu take kafa ido, galibi na tsakiya. Idan yaron yana layin baya ko ya motsa, fiksel 300 ɗin ma dishi-dishi ne. In yana can gefe kuma, gilashin kamarar waya yana ɗan faɗaɗa fuskar na gefe. Ki buɗe na asalin ki duba gira da ƙwayar ido, in kina iya rarrabe su, a ci gaba. Maɓallin Sharpen kaɗan ake taɓa shi, in ya yi yawa wani farin layi yake zagaye kai.

Malama Zainab, Zuru: Ni dai 224 bai kwanta min ba, Yallaɓai. Ga bango kuma, bayansa mutane ne da rumfa, sai an goge an sa fari, kuma a nan gefen kunne ke tonawa. Da a samu mai waya a can, a tsayar da yaron jikin farin bango a inuwa, taku biyu tsakaninsa da mai wayar, da kamarar baya, ba zum, a turo ta Document.

Mai Studiyo, Ƙaura Namoda: Wanga shi ya fi, ba musu. Amma in na katin makaranta ne, 224 a takarda mai milimita 35 ido ba ya kama shi sai an kusanto. Hajiya, fom ɗin na mene ne, kuma a wane layi yaron yake tsaye?

Maman Khalil, Gusau: Na makaranta ne. Yana gaba, na biyu daga dama. Bari in kira mai wayar.