Neman kalmar Hausa: me za mu kira abin da masana tattalin arziki ke ce wa maltifilaya?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe tara zan naɗi shiri kan kasafin kuɗin jiha, kuma baƙon da na gayyata ya riga ya faɗa mini cewa bayaninsa duka a kan maltifilaya zai rataya, wato yadda kuɗin da aka kashe sau ɗaya ke zama abin samun mutane da yawa, ɗaya bayan ɗaya. Ba na son in bar shi yana ta jefa Turanci masu saurare na kashe rediyo. Na rubuta "tasirin ninka kuɗi" amma bai kwanta mini ba. Don Allah a taimaka kafin dare ya yi.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Goge wannan tun da wuri. A bakin mutanen gari, mai ninka kuɗi ɗan damfara ne. Har yanzu akwai waɗanda ba su warke daga MMM ta 2016 ba. Kina cewa gwamnati za ta ninka kuɗi, wayar shirin za ta cika da masu tambayar inda ake rajista. Ni "zagayawar kuɗi" nake gani.

Malam Na-Samaru: Gargaɗin Ɗan Fagge daidai ne, amma kalmarsa ta riga ta yi miji. Zagayawar kuɗi wani abu ne dabam, shi ne sau nawa naira ɗaya ke sauya hannu a shekara. Abin da Hajiya ke nema kuwa lissafin samu ne. Bari in buga misali, alƙaluman nawa ne don sauƙin lissafi kawai.

Ƙaramar hukuma ta biya leburori naira miliyan 1 don yashe magudanar ruwa. A ce kowa a garin, in naira biyar ta shigo masa, huɗu yake kashewa ya riƙe ɗaya. Leburori suka kashe 800,000 wurin mai awo, mai shayi da tela. Wannan 800,000 ta zama samu a wurin waɗannan. Su ma suka kashe kashi huɗu cikin biyar, 640,000, wurin manomi da mai injin niƙa da ɗan acaɓa. Zagaye na gaba 512,000, na gabansa 409,600, haka yake ta raguwa har ya ƙare. In aka tara duka, miliyan 5 ake samu. A allo haka muke rubuta shi:

```
k = 1 / (1 - c)
```

Wannan c shi ne rabon da ake sake kashewa, k kuma shi ne sau nawa jimillar samu ta ninka kuɗin farko. In ya zama 0.8, k ya zama 5. A lura, ba a buga ko sisi sabo ba. Takardun kuɗin miliyan 1 ne tun farko har ƙarshe. Abin da ya ninku shi ne abin da mutane suka samu, domin a kowane zagaye an yi sabon aiki: an ɗinka riga, an niƙa hatsi, an kai fasinja. Saboda haka ni "ninkuwar samu" nake ba ɗalibaina.

Bamaraɗe: Mu a nan Nijar miltiplikater ake cewa a makaranta, ba wanda na taɓa ji ya fassara. Amma me zai hana "haihuwar kuɗi"? Ko tsohuwa a ƙauye za ta gane. Jika guda ta haifi jika biyar.

Hajiya Ta-Kwari: A'a ɗana. Kuɗin da ya haihu kuɗin ruwa ne, malamai za su taso wa shirin. Ni dai da na karanta bayanin Malam sai na ga kamar adashi ne. Muna zuba dubu goma-goma mu goma, kowa ya kwashi dubu ɗari in layinsa ya zo. Ba shi ke nan ba?

Malam Na-Samaru: Ba shi ba ne Hajiya. A adashi abin da kika zuba shi kike kwashewa, ba a sayar da komai ba, ba a yi wani aiki ba. Sai ranar da mai kwasa ta je ta biya kafinta kuɗin gado, daga nan lissafinmu yake farawa.

Baba Mai Ƙamus: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Na farko, "tasiri" Larabci ne, maltifilaya Turanci ne, kullum muna ara kamar harshen ba shi da gado. Na biyu, ninki yana sa mutum ya ji abu na ƙaruwa, alhali Malam da bakinsa ya ce kowane zagaye ya fi na bayansa ƙanƙanta. Kalmar da ta dace tana nan tun kaka da kakanni: amsa-kuwwa. Ka yi kira sau ɗaya a gindin dutse, ya dawo, ya sake dawowa, kowane karo da rauni, har ya mutu. "Amsa-kuwwar kuɗi." Na daɗe ina faɗa a wannan zaure ba a saurara.

Ɗan Fagge: Allah ya ja kwana Baba, in za mu kori Larabci sai mu fara da ƙamus ɗin da ke cikin sunanka. Sannan kasuwa da lissafi da riba su bi bayansa, mu ga da me za a yi shirin gobe.

Baba Mai Ƙamus: Yaro man kaza. Aron da aka yi shekaru ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Abin da nake ƙi shi ne lalaci, mutum ya je jami'a ya dawo yana lanƙwasa baki a rediyo don a ce ya yi boko. Ku Kanawa kun ɗauka duk abin da kuka furta ya zama daidaitacciyar Hausa.

Bamaraɗe: Nan kam na goyi bayan Baba. Ana yanke kalma a Kano ko Kaduna, mu na Maraɗi da Damagaram sai dai mu ji a rediyo.

Ɗan Fagge: To ku riƙa kawo naku mana, wa ya hana? Kai ma yanzu ka ce miltiplikater kuke cewa.

Maman Iman: Don girman Allah a dawo kan magana, magariba ta gabato. Baba, amsa-kuwwa ta yi mini daɗi a kunne. Malam, me ka gani?

Malam Na-Samaru: Baba ya kama abin da kalmata ta kasa kamawa, raguwar nan, kuma na yarda ninki shi kaɗai bai nuna ta. Inda nake jin tsoro shi ne amsa-kuwwa ba sabuwar murya ba ce, maimaici ne kawai. Mai sauraro zai iya ɗauka cewa samun tela da na mai niƙa ba na gaske ba ne, alhali wannan shi ne kan zancen gaba ɗaya. Richard Kahn, ɗalibin masanin tattalin arzikin nan na Ingila Keynes a jami'ar Kambirij, da ya fitar da lissafin a 1931, mutanen da za su samu aiki yake ƙirgawa: waɗanda aka ɗauka aikin hanya kai tsaye, da waɗanda za su samu aiki saboda na farkon sun fara cefane. Keynes ya faɗaɗa shi zuwa kuɗin shiga a 1936. Kuma akwai matsalar lamba. Ina iya cewa ninkin ya kai biyu ko biyar. Yaya zan ce amsa-kuwwar ta kai biyu da rabi?

Hajiya Ta-Kwari: Ni wannan biyar ɗin ce ban yarda da ita ba. Shekaruna da yawa ina sayar da atamfa. In mace ta ba ni dubu ashirin na turmi, abin da ke tsayawa a hannuna kaɗan ne, na biya ɗan dako da yaron shago da haya. Sauran dila zan miƙa wa, shi kuma ya canza dala ya tura Caina. Ina zagaye na uku a nan? Kuɗin ya bar ƙasar tun kafin la'asar.

Malam Na-Samaru: Hajiya, wannan ita ce maganar da ya kamata a yi a shirin. Biyar ta allo ce. Kuɗi na fita daga zagayen ta hanya uku: abin da aka ajiye, abin da haraji ya ci, da abin da aka sayi kayan waje da shi. Ni yoyo nake kiran su. A ce cikin kowace naira kwabo 10 ajiya, 10 haraji, 30 kayan waje. Saura kwabo 50 ke zagayawa, ninkin ya faɗo daga 5 zuwa 2, miliyan 1 ta zama miliyan 2 kacal. Kuma sai an faɗi iyakar da ake aunawa. Kuɗin da ya tafi Legas yoyo ne a lissafin jihar Kano, amma bai yoye ba a lissafin Najeriya. Wanda ya tafi Caina ya yoye a duka biyun. Hajiya Maman Iman, tunda kasafin jiha ne, ki tambayi baƙonki wane lissafi yake yi. In ya ba ki lamba babba ba tare da ya ambaci kayan waje ba, ki tsare shi a nan.

Abu na biyu, sai akwai hannu da injin da ke zaune ba aiki. Ki duba tela saura kwana biyar sallah, yadi ya cika shago har bakin ƙofa, ya liƙa takarda ya rufe karɓar ɗinki. Ko an ƙara wa unguwar kuɗi ba zai ɗinka riga ɗaya ƙari ba, kuɗin ɗinki ne kawai zai tashi. Alamar ke nan: in farashi ne ke hawa kuma ba a ɗauki sabon ma'aikaci ba, lambar ta ninku a takarda amma ba a samu ƙarin komai ba.

Ɗan Kakuri: Ku gafarce ni, na shigo a makare. Duk kalmar da za ku zaɓa ta iya tafiya da baya. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Da masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ba ma'aikata kaɗai suka shiga uku ba. Matan da ke jera kulolin tuwo a bakin get da rana su suka fara watsewa, sai masu gidajen haya, sai masu makarantun kuɗi, har manoman auduga na wajen Funtuwa abin ya taɓa. "Ninkuwar samu" za ta ɗauki wannan?

Malam Na-Samaru: Lissafin ɗaya ne, alamar ce ta juya. Sai a ce ninkuwar asara. Shi ya sa na fi son a riƙe "ninkuwa" a sauya abin da ke binta.

Baba Mai Ƙamus: Kun gani? Kalmarku sai an yi mata faci kafin ta yi tafiya. Amsa-kuwwa ba ruwanta, kuka ko guɗa duk tana mayarwa.

Ɗan Fagge: Ita lambar kuma fa, k ɗin? Maninki?

Bamaraɗe: Maninki kamar wanda ke ninke kaya a shagon wanki. A bar shi "adadin ninki".

Maman Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi. A gabatarwa zan ce "ninkuwar samu", lambar kuma "adadin ninki", abin da ke fita "yoyo". Wajen bayyana raguwar zan ari amsa-kuwwar Baba sau ɗaya. Hajiya Ta-Kwari, in kin yarda zan kawo misalin atamfarki ba tare da suna ba.

Hajiya Ta-Kwari: Na yarda 'yata. Ki ƙara da cewa hayar shago ma ta tashi.

Baba Mai Ƙamus: Na gobe kawai na bari saboda lokaci ya ƙure. Ban sa hannu a kan "ninkuwar samu" ba, kuma kada wani ya saka ta a jerin kalmomin zaure sai mun sake zama. Yoyon ma ina da magana a kansa.

Malam Na-Samaru: Allah ya kai mu Baba. Hajiya, in baƙon ya fara zancen bankuna da yadda ajiya ke zama bashi, ki dakatar da shi. Shi ma maltifilaya suke ce masa, amma lissafi ne dabam, kuma shi ba mu nema masa suna ba tukuna.