Shekara shida ina shan magani, ashe ba a auna maigida ba

Ƴar Bagalam: Assalamu alaikum. Shekarata shida da aure. Jiƙo, rubutu, hayaƙi, babu wanda ban yi ba. Duk wata in jini ya zo, banɗaki nake shiga in yi kukana, in wanke fuska in ɗora tukunya. A wani suna na ɗauki jaririya, sai na ji an ce "juya ma ta iya riƙo". Tun ranar na bar zuwa suna. Bana likita ta ce maigida ya zo, aka auna, ashe ƙwayoyin maniyyinsa ne kaɗan. Yanzu ya daina cin abinci da ni. Wadda ta ga irin wannan, yaya kuka yi?

Hajiya ungozoma: Sannu ɗiyata. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ana yin sa ne bayan hutun kwana 2 zuwa 7 ba saduwa, kuma ƙwayar tana ɗaukar kusan wata uku kafin ta nuna. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage ta na ɗan lokaci. Shi ya sa ake sake awon bayan wata uku. Abin da ke ƙona ni, da an auna shi tun shekarar farko, da ba ki sha wannan ɗacin ke kaɗai ba.

Mai kabu-kabu: In namiji yana biya wa iyalinsa bukata, ai lafiyarsa lau. Ya sha zuma da dabino.

Hajiya ungozoma: A'a malam, ƙarfi daban, haihuwa daban.

Wani bawan Allah: Ni ne irin mijinki, baiwar Allah. Har ta biyu na ƙara bisa matsin tsohuwa, ita ma shiru. Da takardar ta fito, wata biyu na ƙaurace wa fada, gani nake kowa ya karanta a goshina. Ba ƙin ki yake ba, kunyarki yake ji. Ni abin da ya sassauta mini, na zauna na faɗa wa mahaifiyata da bakina, na nemi gafarar uwargida. Ta yafe. Amarya ta nemi takardarta, ban hana ta ba.

Maman Sadiya: Ni hanyoyin mahaifata ne suka toshe, hoto ya nuna. Sadiya ɗiyar ƙanena ce, da aka yaye ta aka ba ni. Nana A'isha ba ta haihu ba, da ɗan yayarta aka yi mata alkunya, Ummu Abdillahi. Ina riƙe da wannan. Amma har gobe in na ga zanen goyo a igiya, ƙirjina yakan yi nauyi.

Ƴar Bagalam: Na gode. Uwar mijina har yanzu ni take aiko wa jiƙo, shi kuma ya ce kar in faɗa. In ci gaba da karɓa ne?